Daga Bakin Mai Shayi Zuwa Takardar Turanci: Rahoton Hatsari Ba Ƙari Ba Ragi

Yawancin haɗurran da ke faruwa a hanyoyin Arewa da Hausa ake ba da labarinsu, amma da Turanci ake ajiye su. Wanda abin ya faru a gabansa zai yi bayani da bakinsa, wani kuma ya ɗauki biro ya mayar da bayanin zuwa harshen ofis. Daga nan takardar ta kama hanya ita kaɗai. Za ta je teburin ɗan sanda mai bincike, ta je wurin jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ta je kamfanin inshora, wataƙila ta ƙare a gaban alƙali bayan shekara biyu. Duk waɗannan mutane ba su ji muryar mai labarin ba, ba su ga inda ya nuna da yatsa ba. Abin da ke kan takarda shi ne hatsarin a wurinsu. Idan mai rubutu ya ƙara kalma ɗaya, wani zai iya biyan diyyar abin da bai yi ba. Idan ya rage ɗaya, wanda aka jikkata zai iya rasa haƙƙinsa.

Mai rubutun nan ba lallai ne ya zama tafinta na kotu ba. Sau da yawa malamin makaranta ne a unguwa, ko sakataren ƙungiyar direbobi a tasha, ko akawun kamfani, ko ɗan gida da ya yi boko aka ce masa zo ka rubuta mana. Iya Turanci kaɗai ba ya isar sa. Matsalar ita ce, mai magana da Hausa yana barin wasu abubuwa a buɗe domin mai sauraro ya san wurin, ya san mutanen, ya san lokacin. Rahoton Turanci kuwa yana neman a rufe su: wane ne, ƙarfe nawa, wace irin mota, wane sashe na jiki. Duk inda mai rubutu ya tarar da irin wannan giɓi, hanya biyu ce a gabansa, ko ya tambaya ko ya yi zato. Kusan duk ɓarnar da ake samu a irin waɗannan takardu daga zato take fitowa.

Mu ɗauki misali, irin wanda kowa ya saba ji. A ce a wata kwana ce a kan hanyar Kano zuwa Zariya, ranar kasuwa, wani mai shayi na bakin titi yana bayani:

"Wallahi ranka ya daɗe, bayan magariba kaɗan ne, ina haɗa wa wani shayi, sai kawai na ji ƙiiii, garam! Ko da na ɗago, ashe mota ce ta kwashe ƙanena a kan babur. Fitowarsa ke nan daga kasuwa, ya ɗauko buhu biyu. Mai motar nan gudu yake kamar zai tashi sama, wai burki ne ya shanye masa. Allah ne dai ya yi da sauran kwana. Aka ɗauke shi aka kai asibiti, hannu ya karye, kai ya fashe. Direban kuwa sai ya gudu."

Bayani ne mai kyau, kuma mutumin ba ƙarya yake yi ba. Amma mai gaggawa zai juya shi zuwa Turancin da ma'anarsa ita ce: da ƙarfe bakwai na yamma mai shaida ya ga wata ƙaramar mota tana tsananin gudu, burkinta ya lalace, ta buge ɗan'uwansa, ta karya masa hannu da ƙoƙon kai, direban kuma ya tsere daga wurin. Jimlar ta yi tsaf, ta yi kama da aikin ofis. Sai dai kusan kowane yanki nata yana ɗauke da abin da mai shayi bai faɗa ba.

Babban kuskuren shi ne cewa ya ga hatsarin. Mai shayi bai ce ya gani ba. Kansa na ƙasa yana zuba shayi, ƙara ya ji, sannan ya ɗago. Kalmar "ashe" da ya yi amfani da ita ita ce shaidar hakan, domin Bahaushe ba ya cewa "ashe" sai a kan abin da ya gano daga baya. Turanci ba shi da kalma guda da ke yin wannan aiki, shi ya sa masu rubutu kan jefar da ita kamar ado ce. Idan aka jefar da ita, mutumin da ya ga abin da ya biyo bayan karo ya koma wanda ya ga karon da idonsa. Ranar da ya tsaya a kotu, lauyan direba zai tambaye shi ta wane hannu babur ya shigo titi, ya ce bai gani ba, sai a ɗauko takarda a nuna masa inda aka rubuta ya gani. Daga wannan lokaci duk sauran gaskiyar da ya faɗa ta shiga zargi, alhali laifin na mai biro ne.

Haka ma "wai". Da ya ce wai burki ne ya shanye, ya riga ya zare hannunsa daga maganar, yana nufin ji ya yi. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ta bambanta abin da mutum ya gani ko ya ji da kunnensa a wurin da abin da wani ya ba shi labari, kuma a bisa ƙa'ida jita-jita ba ta zama hujja sai a wasu keɓaɓɓun wurare. Hausawa ma sun ce gani ya kori ji. Saboda haka aikin mai rubutu shi ne ya tambaya: wa ya faɗa maka burki ne? Idan mai shayi ya ce yaron motar ne ya faɗa a gabansa, haka za a rubuta, cewa ya ji yaron motar yana cewa burki ya ƙi kamawa. Idan ya ce mutane ne ke faɗa, a rubuta cewa ya ji mutanen da suka taru suna faɗar haka, bai san wanda ya fara faɗa ba. Ba za a taɓa rubuta cewa burkin motar ya lalace ba, domin wannan hukunci ne na jami'in duba lafiyar motoci bayan ya buɗe ƙafafun motar ya duba.

A nan akwai wani abu da nake ganin ya fi komai nuna ƙwarewar mai rubutu, wato wannan "ƙiiii" da "garam". Rahoton ofis ba ya ɗaukar kwaikwayon sauti, don haka mutane kan share shi gaba ɗaya. Amma sautuka biyu ne a jere, kuma jerin nasu labari ne. A tambayi mai shayi: ƙarar me ka fara ji? Idan ya ce ƙarar taya ce tana gurzar kwalta, to ya kawo maganar da za ta iya cin karo da batun shanyewar burki, domin motar da tayarta ta ja a kan titi kafin karo alama ce cewa wani abu ya kama. Mai rubutu ba zai warware wannan saɓani ba, kuma ba zai goge ɗaya don ɗayan ya zauna daidai ba. Zai rubuta cewa mai shaida ya ji ƙara mai kama da ta taya a kan kwalta, sannan ya ji ƙarar karo, ya kuma rubuta zancen burki a matsayin abin da aka ji. Mai bincike shi zai je ya duba ko akwai sawun taya a kan titi. Rahoto mai saɓani na gaskiya ya fi rahoton da aka goge masa saɓani amfani.

Sai maganar gudu. Wanda kansa ke ƙasa, ta yaya ya san motar gudu take? Wataƙila daga ƙarfin ƙarar ya gane, wataƙila daga nisan da babur ya faɗa, wataƙila kuma baƙin ciki ne ke magana. A tambaye shi, a rubuta dalilin da ya bayar. Abin da ba za a yi ba shi ne a ƙirƙiro masa lamba, a ce kilomita ɗari da ashirin a awa, ko a yi amfani da kalmomin Turanci na tuƙin ganganci da na wuce ƙa'idar gudu. Waɗannan kalmomi sunayen laifuffuka ne a dokar hanya. Mai shayi ya yi kwatance ne, bai tuhumi kowa da sashen doka ba.

Lokaci ma yana da nasa tarko. Mutanenmu da salla suke auna yini, kuma salla da rana take tafiya. A Kano, faɗuwar rana kan kasance wajen ƙarfe shida a ƙarshen Nuwamba, ta kai kusan ƙarfe bakwai a watan Yuli. Wanda ya mayar da "bayan magariba kaɗan" ƙarfe bakwai ba tare da ya dubi watan da ake ciki ba zai iya kuskure da kusan awa guda, kuma a wannan awa ne haske ke komawa duhu, wanda shi ne zai sa a tambaya ko fitilun mota da na babur suna kunne. Hanyar da ta fi ita ce a rubuta yadda ya faɗa, cewa jim kaɗan bayan sallar magariba ne, sannan a tambaye shi ko an idar da salla, ko gari ya yi duhu. In akwai wanda ya buga waya a lokacin, wayar tana riƙe da ainihin minti, sai a rubuta shi tare da faɗin inda aka samo shi. A kula kuma da kwanan wata. Idan Bahaushe ya ce daren Juma'a, sau da yawa yana nufin daren da Alhamis ta wuce za a wayi gari Juma'a, mai karanta Turanci kuwa zai ɗauka daren da ya biyo bayan yinin Juma'a ne. Tambaya ɗaya ke raba wannan: da gari ya waye, wace rana ce?

"Mota" da "ƙanena" ba sa bukatar dogon bayani. Mota na iya zama tasi, ko bas, ko akori-kura, ko tirela, kuma Turanci zai nemi a zaɓi ɗaya, don haka a tambayi iri da launi da lamba in ya gani. Ƙane na iya zama na ciki ɗaya, ko ɗan baffa, ko yaron garinsu da ya taso a hannunsa. Kalmar Turanci ta ɗan'uwa tana nufin jini na kusa, kuma wannan na da tasiri idan aka zo maganar wanda zai karɓi diyya ko kuma yadda kotu za ta auna kusancin mai shaida da wanda aka buge.

Rauni shi ne inda ya kamata hannun mai rubutu ya fi yin sanyi. A Hausa hannu ya kama tun daga yatsu har kafaɗa, ƙafa kuma daga tafi har cinya, amma Turanci ya raba kowannensu da suna daban. Ba za a iya rubuta jimlar ba sai an san inda ake nufi, don haka a ce wa mai bayani ya nuna a jikinsa, dama ko hagu, sama da gwiwar hannu ko ƙasa. Sannan wa ya ce karaya ce? Akwai targaɗe, akwai gocewar ƙashi, akwai tsagewa, kuma a bakin titi duk hannun da ya kumbura ya karye ne. "Kai ya fashe" ya fi haɗari. Fatar kai tana zubar da jini sosai ko da yankan bai yi zurfi ba, kuma mutane kan ce kai ya fashe da zarar sun ga jini ya rufe fuska. Idan aka juya wannan zuwa Turancin karayar ƙoƙon kai, an rubuta cutar da likita ne kaɗai, da hoton ƙashi a hannunsa, zai iya tabbatarwa. Abin da mai shaida ya gani shi za a rubuta: jini na zuba daga gefen hagu na kai, hannun dama ya kumbura ba ya iya ɗaga shi. Sauran a bar wa takardar asibiti, a ambace ta da kwanan watanta idan tana nan.

Yanzu ga direban da aka ce ya gudu. Kowa ya san dalilin da ya sa direbobi da dama ba sa tsayawa idan sun buge mutum kusa da kasuwa: tsoron taron jama'a. Wani yakan bar motar ya ruga da ƙafa zuwa ofishin 'yan sanda mafi kusa ya miƙa kansa, wani kuma ya taka mota ya ɓace. Duka biyun da Hausa "ya gudu" ne. A takardar Turanci, na farko mutum ne da ya kai rahoto, na biyu mutum ne da ya tsere wa doka. A ce da aka tambayi mai shayi sai ya ce ai motar tana nan, direban da ƙafa ya ruga ta wajen gabas, bai san inda ya nufa ba. Wannan kaɗai za a rubuta.

Duk abin da ya gabata ƙari ne. Ragi kuma yakan zo ne ta hanyar tausayi. Buhu biyun nan da ke kan babur ba za su taimaki wanda aka buge ba, domin wani zai ce kaya ne suka hana shi juyawa ko suka tare masa gani. Mai rubutu ɗan unguwa ne, ya san iyalin yaron, sai zuciyarsa ta ce masa bar wannan. Ina ganin wannan cin amana ne, ko da niyyar ta alheri ce. Direban ma yana da iyali, kuma buhunan nan mutum ashirin sun gan su. Ranar da suka fito daga bakin wani, rahoton da ya ɓoye su ya mutu, ya tafi da sauran gaskiyar da ke cikinsa. Abin da ya halatta a bari shi ne abin da ba ya ɗauke da labari: rantsuwa, gaisuwa, maimaici. "Allah ne ya yi da sauran kwana" addu'a ce da godiya, ana iya barin ta, amma kada a mayar da ita cewa raunin mai barazana ga rai ne, domin wannan ma maganar likita ce.

Bayan an gama tambayoyi, ma'anar abin da za a rubuta da Turanci za ta zama kamar haka. Mai shaida ya bayyana cewa yana sayar da shayi a gefen titi. A ranar kaza, jim kaɗan bayan sallar magariba, yana zuba shayi sai ya ji ƙara mai kama da ta taya, sannan ƙarar karo. Bai ga lokacin da aka yi karon ba. Da ya ɗaga kai ya ga farar bas tsaye, da babur a kwance, da ɗan baffansa a ƙasa, da buhu biyu da ya ce a kan babur ɗin suke. Ya ce yana ganin bas ɗin gudu take saboda ƙarfin ƙarar da ya ji. Ya ji yaron motar yana cewa burki ya ƙi kamawa. Ya ga jini a gefen hagu na kan wanda aka buge. Ya ga direban ya bar wurin da ƙafa. Wasu mutane da bai san sunansu ba suka ɗauki mai raunin zuwa asibiti.

Wannan ba shi da armashin labarin mai shayi, kuma ya fi jimlar mai gaggawa tsawo. Amma a lura da yadda kowace jimla ta faɗi tushenta: ya ji, ya gani, ya ce, bai gani ba. A lura kuma da "aka ɗauke shi". Hausa na iya faɗin aiki ba tare da mai aikin ba, kuma mai rubutu bai cike gurbin da 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra don jimla ta yi kyau ba. Inda mai shaida bai sani ba, takarda ta nuna bai sani ba.

Yadda ake tambayar ma yana iya shigar da ƙari. Talaka a gaban mai biro, musamman a ofis, yakan amsa da "haka ne, ranka ya daɗe" don ladabi, ba don ya yarda ba. Idan ka ce masa gudu yake ko, zai ce haka ne. Ka tambaye shi me ka gani, sannan sai me. Ka guji tambaya mai korewa, domin idan ka ce ba ka ga direban ba, ya ce e, yana nufin e bai gan shi ba, kuma kunnen da ya saba da Turanci zai iya jin akasin haka. Ka kuma riƙe bambanci tsakanin "ban ga ya ba da sigina ba" da "bai ba da sigina ba". Na farko labarin idon mai shaida ne, na biyu hukunci ne a kan direba.

Tsarin aikin da ya fi aminci shi ne a fara rubuta bayanin da Hausa kamar yadda ya fito, ko a naɗe shi a waya da izinin mai magana, sannan a yi na Turanci daga wannan, a ajiye su tare. Kotunan Nijeriya sun daɗe suna jan hankali cewa a ɗauki bayani da harshen da aka yi shi, kuma idan ta bakin tafinta aka bi, sau da yawa sai an kira tafintan ya ba da shaida kafin takardar ta karɓu. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 17, ta ce idan wanda ake zargi ba ya jin Turanci, tafinta zai rubuta bayaninsa ya karanta masa har ya fahimta kafin ya sa hannu, tafintan kuma ya rubuta sunansa da adireshinsa da aikinsa ya sa nasa hannun. Wannan sashe kan wanda ake zargi yake magana, kamar direban misalinmu, amma ƙa'idar ta dace da duk wanda ake rubuta wa bayani. Idan kuma hatsarin a wurin aiki ya faru, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da wanda yake yi wa aiki, don haka irin wannan takarda ba a jinkirta ta.

Karanta wa mai bayani shi ne gwajin ƙarshe, kuma akwai yadda ake yin sa. Kada ka maimaita masa labarinsa daga ƙwaƙwalwarka, domin zai ji abin da ya faɗa ya ce daidai ne. Ka dubi takardar Turancin ka mayar da ita Hausa jimla bayan jimla, abin da ke rubuce kawai. Ya fi kyau ma a samu wani mai jin harsunan biyu wanda bai ji labarin farko ba ya yi wannan karatun. A nan ne za ka ji mai shayi ya ce a'a, ni ban ce na gani ba. Duk gyaran da aka yi, a ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe, su biyun su sa hannu a wurin.

Kai kuma mai karatu, idan wata rana kai ne mai ba da labarin, kada ka dangwala yatsa ko ka sa hannu a kan takardar Turanci sai an karanta maka ita da Hausa daga farko har ƙarshe. Ka nemi a rubuta sunan wanda ya fassara, ka kuma nemi kwafinka ko ka ɗauki hoton takardar da wayarka kafin ka tashi.